Ƙaiƙayin da Ba Ya Fito da Ƙurji

Sauye-sauyen da ciki ke kawo wa fata sun fi tayar da hankali a ido fiye da yadda suke da haɗari. Nankarwa tana fitowa ne idan fatar ciki, ƙirji ko cinya ta miƙe da sauri har zaren da ke ƙarƙashinta ya tsinke. Takan fara da ja ko duhu, ta dusashe bayan haihuwa, amma ba ta ɓacewa ɗungurungum. Man kaɗanya yana laushin fata, ya rage ƙaiƙayi, sai dai babu man da aka tabbatar yana hana ta fitowa.

Haka ma baƙin layin da ke saukowa daga cibiya, da duhun kumatu da goshi: sinadaran ciki ne ke ƙara wa fata launi, rana kuma tana ƙara tsananta shi. Yawanci yana washewa cikin watanni bayan haihuwa. Abin gudu a nan shi ne man bilicin, domin wasu na ɗauke da makuri mai iya isa ga jariri, wasu kuma da sitiroyid mai sirantar da fata ya ƙara nankarwar.

Wanda ya cancanci tsoro shi ne wanda ido ba ya gani. Wata malamar makaranta a Kwangila, tana mako na 31 a cikinta na biyu, ta soma jin ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafa. Da rana yakan lafa, da dare ya hana ta barci har takan tsoma ƙafafunta cikin ruwan randa. Lokacin hunturu ne, don haka surukarta ta ce: “’Yar nan, bushewar fata ce, ki ƙara shafa mai.” Maganar tana da hujja, amma ƙaiƙayin hunturu ya fi kama ƙauri da damtse, kuma mai yana kwantar da shi. Ƙazwa tana fito da ƙuraje a tsakanin yatsu, ta kuma kama sauran ’yan gida. Ita kuwa babu ƙurji ko ɗaya sai sawun farcenta, fitsarinta kuma ya soma yin duhu.

Wannan siffa ce ta cutar da likitoci ke kira kolestasis na ciki. Hanta tana haɗa ruwan matsarmama ta tura shi hanji. A jikin wasu mata, sinadaran ciki kan rage gudun wannan ruwa, sai asid ɗinsa ya taru a jini. Uwa tana shan ƙaiƙayi, amma babban haɗarin yana kan jariri: haihuwa kafin lokaci, ko mutuwa a ciki ba tare da gargaɗi ba. Hoton ciki mai kyau ba ya kore wannan haɗari.

Daga Kwangila zuwa Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika hanya ɗaya ce, ta Samaru. Can aka ɗebi jininta don gwajin aikin hanta, wanda ake rubutawa LFT a takarda, aka duba ciwon hanta nau’in B domin ya yawaita a Arewa, aka kuma nemi ma’aunin asid ɗin matsarmama. Sakamakon farko bai nuna komai ba. Likita bai sallame ta ba, domin ƙaiƙayin kan riga sauyin jini da makonni. Da aka maimaita bayan mako biyu, asid ɗin ya kai maikromol 52 a lita.

Ƙa’idar da Kwalejin Likitocin Mata ta Birtaniya ta fitar a 2022 ta fayyace ma’anar lambar. Daga 19 ake kiran cutar. Tsakanin 40 da 99 matsakaiciya ce, inda ake shawarar haihuwa a mako na 38 zuwa 39. Daga 100 kuwa haɗarin mutuwar jariri yake tashi sosai, sai a duba haihuwa a mako na 35 zuwa 36. Maganin ursodiyol yakan ɗan rage ƙaiƙayi, amma gwajin da mujallar Lancet ta buga a 2019 bai nuna yana kare jariri ba. Saboda haka kariyar ita ce maimaita gwaji da zaɓen ranar haihuwa. Aka tayar mata da naƙuda a mako na 38, ƙaiƙayin ya tafi cikin kwanaki, gwajin bayan mako shida ya dawo daidai. An kuma shaida mata cewa cutar kan dawo a ciki na gaba.

Duk mai cikin da ƙaiƙayi ya hana barci babu ƙurji, musamman a tafin hannu da ƙafa bayan wata na shida, kada ta jira ranar awo. Idan ido ya yi rawaya kamar na mai shawara, bayan gida ya yi fari, ko motsin jariri ya ragu, a ranar ya kamata ta isa asibiti.