Abin da Waya Ke Ji da Abin da Ba Ta Ji a Harshen VHDL

Mai koyon VHDL yakan zo da al'adar da ya saba da ita a sauran harsunan kwamfuta, wato ya rubuta umarni, na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne yakan fara tuntuɓe, domin rubutun VHDL yana da masu karatu biyu, kuma ba su yi masa fahimta iri ɗaya. Na farko shi ne manhajar kwaikwayo, irin su GHDL ko ModelSim, wadda ke karanta rubutun a cikin kwamfuta ta zana yadda sigina za su tashi su sauka. Na biyu shi ne manhajar haɗawa, irin wadda ke cikin Vivado ko Quartus, wadda aikinta shi ne ta mayar da rubutun ƙofofin lantarki da wayoyi a cikin cif na FPGA. Ta farko tamkar mai ba da labari ce, duk abin da aka faɗa mata za ta nuna shi. Ta biyu kuwa magini ce, ba ta iya gina komai sai da tubalin da ke hannunta.

Wannan rabuwa tana da asali. An ƙirƙiro VHDL a shekarun 1980 a ƙarƙashin shirin VHSIC na Ma'aikatar Tsaron Amurka, kuma manufar farko ita ce a bayyana halin da'irorin lantarki a rubuce, a kuma kwaikwaye su. Hukumar IEEE ta amince da shi a 1987 da lamba 1076. Mayar da rubutun ya zama da'ira ta gaske ya bunƙasa ne daga baya, shi ya sa harshen ya fi abin da za a iya ginawa faɗi. A cikin abubuwan da ya iya faɗa amma waya ba ta ji, babu wanda ya kai lokaci ruɗar da ɗalibi.

Misali mafi sauƙi shi ne ɗalibin da ke son ƙaramar fitilar allonsa ta kama na rabin daƙiƙa, ta mutu na rabin daƙiƙa. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne wannan:

```vhdl
process
begin
  led <= '1';
  wait for 500 ms;
  led <= '0';
  wait for 500 ms;
end process;
```

Manhajar kwaikwayo za ta karɓi wannan ba musu, ta zana sigina mai tashi da sauka daidai yadda ya so. Dalili kuwa, tana riƙe da agogo na kanta da jerin abubuwan da ke jira, saboda haka `wait for 500 ms` a wurinta yana nufin ta ajiye wannan aiki, ta dawo kansa idan agogonta ya kai. Manhajar haɗawa galibi za ta ƙi shi da saƙon kuskure. A cikin cif babu wani tubali da ya san tsawon daƙiƙa. Abin da ke akwai shi ne ƙofofin da ke haɗa sigina, da filif-filof, wato ƙaramin ma'aji mai riƙe bit ɗaya, da kuma bugun agogon da ke shigowa daga kiristal ɗin da ke kan allo. Idan ana son jira, dole a ƙirga wannan bugun.

A ce agogon allon yana bugawa sau miliyan 50 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin bugu da bugu akwai nanosakan 20 ke nan, kuma rabin daƙiƙa ya zama bugu 25,000,000. Ga yadda rubutun zai koma:

```vhdl
process(clk)
begin
  if rising_edge(clk) then
    if cnt = 24_999_999 then
      cnt <= 0;
      q <= not q;
    else
      cnt <= cnt + 1;
    end if;
  end if;
end process;
```

Kowane layi a nan yana da abin da zai zama. Da manhajar haɗawa ta ga `rising_edge(clk)`, ta gane cewa duk siginar da aka ba ƙima a ƙarƙashinsa ma'aji take bukata. Don haka `q` ta zama filif-filof guda. Shi kuma `cnt`, idan an iyakance shi da `integer range 0 to 24_999_999`, zai ci guda 25, domin bit 24 ƙima 16,777,216 kawai suke iya ɗauka, ba su isa ba, alhali bit 25 suna ɗaukar 33,554,432. Alamar `+ 1` ta zama da'irar tarawa, alamar `=` ta zama da'irar kwatantawa, `if` da `else` kuma suka zama mazaɓi mai tantance ko sifiri ko sabon jimla ne zai shiga ma'ajin. Jimillar ma'ajin 26 ne, kuma ɗalibi zai iya buɗe rahoton haɗawa ya duba ko adadin da ke ciki ya yi daidai da lissafinsa. Wanda ya iya yin wannan lissafi kafin ya danna maɓalli ya fara fahimtar harshen.

Ƙin da manhaja ta yi wa `wait for` alheri ne, domin ta faɗi laifin a fili. Haka take yi da wasu abubuwa da dama, kamar sigina mai nau'in `real` ko ma'ajin da ake nema ana cikin aiki ta hanyar `access`. Inda gizo ke saƙa shi ne abubuwan da take karɓa, ta tsallake su, ta ci gaba da gini. Babba a cikinsu shi ne kalmar `after`.

Wani lokaci mai zane yana son ya samu ɗan gajeren bugu duk sa'ad da sigina `a` ta tashi, sai ya rubuta layi biyu:

```vhdl
a_d <= a after 10 ns;
p   <= a and not a_d;
```

A kwaikwayo abin yana da kyan gani. Idan `a` ta tashi, `a_d` tana nan a ƙasa har tsawon nanosakan 10, kuma a wannan tazara `p` tana sama. Amma manhajar haɗawa tana jefar da `after 10 ns`, sai `a_d` ta zama waya ɗaya da `a`. Abin da ya rage shi ne `a and not a`, wanda sifiri ne a kowane hali. Manhajar za ta lura da haka, ta cire ƙofar gaba ɗaya, ta ɗaure `p` da sifiri. Ba a samu kuskure ba, an loda cif lafiya, amma duk da'irar da ke jiran wannan bugu ba za ta taɓa motsawa ba. Mai zanen zai iya shafe kwanaki yana zargin waya ko batir, alhali alamar tana cikin gargaɗin da bai karanta ba, inda aka nuna cewa an yi watsi da jinkirin ko kuma fitar ta zama ƙima tsayayya. Maganin shi ne a ba `a_d` ƙimarta a ƙarƙashin `rising_edge(clk)`. Ta haka jinkirin ya zama ma'aji na gaske, kuma idan `a` da agogon nan take tafiya, `p` za ta tashi na bugu ɗaya cif, wato nanosakan 20.

Akwai kuma saɓani na biyu da ke ɓuya a cikin baka biyun da ke bin kalmar `process`. Sunayen da aka jera a can su ne ke gaya wa manhajar kwaikwayo lokacin da za ta sake duba aikin. Idan aka rubuta `process(a)` alhali a ciki akwai `y <= a and b;`, kwaikwayo ba zai sabunta `y` ba idan `b` kaɗai ta canja. Manhajar haɗawa kuwa takan yi gargaɗi ta gina ƙofar AND cikakkiya, ita kuma ƙofa ba ta da jerin sunaye, duk ƙafar da ta canja sai ta amsa. Nan ma an samu abu biyu daban daga rubutu ɗaya. Bitar harshen ta 2008 ta kawo `process(all)` domin toshe wannan kafa, kuma ya dace a yi amfani da shi a duk aikin da ba na agogo ba, muddin manhajar tana karɓarsa.

Saɓanin yakan zo ta ɗaya ɓangaren ma. A misalin fitila, idan `q` nau'in `std_logic` ce kuma ba a ba ta ƙimar farko ba, kwaikwayo zai fara ta da `'U'`, ma'ana ba a sa mata komai ba. Kishiyar `'U'` ita ma `'U'` ce, saboda haka a fuskar kwamfuta fitilar ba za ta taɓa ƙyaftawa ba. A cikin cif kuwa babu `'U'`, ma'aji ko dai sifiri ne ko ɗaya, kuma fitilar za ta yi aikinta. Rubuta `:= '0'` wajen bayyana siginar yana daidaita su a yawancin FPGA, domin ana loda ƙimar tare da tsarin cif. A cif na ASIC, wanda ake ƙerawa a masana'anta, manhajar haɗawa ba ta kula da wannan ƙima, sai an tanadi siginar mayarwa farko.

Duk da haka, sassan da ba su zama waya ba suna da gidansu, wato rubutun gwaji da ake kewaye da'ira da shi. A can ne `wait for 10 ns` ke samar da agogo mai nanosakan 20, `assert` ke kama amsar da ta kauce, `report` ke rubuta saƙo. Wannan rubutu ba ya shiga cif, don haka yana da ƴancin amfani da harshen baki ɗaya. Abin kiyayewa shi ne a raba fayil ɗinsa da na da'ira, a kuma gaya wa manhaja wanne ne na gwaji. Yana da kyau kuma a mayar da adadin 24,999,999 ya zama `generic`, ta yadda a gwaji za a sa 4, a ga fitila ta juya bayan kowane bugu biyar maimakon a jira miliyan 25.

Tambayar da gogaggen mai zane ke yi wa kowane layi na fayil ɗin da'ira ita ce, wane tubali ne zai fito daga nan? Idan amsar ita ce ƙofa, ko mazaɓi, ko ma'aji, ko waya, layin ya zauna. Idan kuwa ya kasa zana shi a takarda, to akwai alamar layin na gwaji ne ya ɓato hanya. Bayan haɗawa, yakan karanta gargaɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga ma'ajin da rahoto ya nuna, ya buɗe zanen da'irar da manhaja ta fitar ya kwatanta da wanda ke ransa. Idan shakka ta rage, sai ya sake gudanar da gwajin nan a kan da'irar da aka haɗa, domin a can ne `p` da aka ɗaure da sifiri za ta bayyana tun kafin a kai ga allo.