Me Ya Sa Firiton Ke Daina Kawo Barci Bayan Kwana Uku?

A shagunan kemis na Hotoro, inda nake zaune, da na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da wuya a sami maganin da jama'a suka saba da shi kamar firiton. 'Yar ƙaramar ƙwaya ce mai miligiram 4, ga araha, kuma ba a neman takardar likita kafin a sayar da ita. Don mura da atishawa da ƙaiƙayi aka yi ta, amma mutane sun daɗe da gane cewa tana kawo barci, kamar yadda fenagan da wasu ruwan maganin tari masu ɗauke da difenhaidiramin ke yi. Ƙorafin da na fi ji daga masu shan ta kullum dare shi ne wai maganin yanzu ba shi da ƙarfi, ko kuma jabu aka ba su. A mafi yawan lokuta maganin yana nan yadda yake, ƙwaƙwalwar mai shan ce ta sauya.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikaci da ya haura shekara sittin, ya sha firiton a wani hunturu saboda murar ƙura. Ya daɗe yana fama da farkawa cikin dare, amma ranar bai motsa ba sai da ladan ya kira asalatu. Mura ta warke, shi kuwa ya ci gaba da sha. Kafin mako ya zagayo farkawar ta dawo, sai ya koma shan biyu, ya sami sauƙi na dare biyu ko uku, daga nan ya koma uku. Sau biyu yana sauya kemis. Da ya zauna yana ba ni labari bayan wata biyu, bakinsa kullum a bushe yake, bayan gida ya yi masa tauri, fitsari kuma sai da yunƙuri.

Don a fahimci abin da ya same shi, sai an san aikin sinadarin da ake kira histamin. A hanci da fata, shi ne ke haddasa atishawa da ƙaiƙayi. A ƙwaƙwalwa kuwa aikinsa daban ne: wasu 'yan jijiyoyi da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa suna fitar da shi muddin mutum na farke, su yi shiru idan barci ya zo. Histamin yana isar da saƙonsa ne ta wasu ƙofofi da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Tsofaffin magungunan mura irin su firiton suna tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, su toshe waɗannan ƙofofi. Saƙon farkawa ya yi rauni, ido ya yi nauyi. Sababbin magunguna kamar loratadin ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa ba su cika sa barci ba.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta dare bayan dare ba tare da ta gyara zama ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, idan toshewar ta ɗore, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta ta yadda ɗan saƙon da ke wucewa zai wadatar, sannan ga wasu sinadarai da su ma ke riƙe mutum a farke, waɗanda maganin bai taɓa su ba. Kamar a datse hanya ɗaya ce a cikin gari: ranar farko cunkoso ya tsayar da kowa, bayan kwana kaɗan masu ababen hawa sun gano lunguna.

Saurin abin ma an auna shi. A shekarar 2002, Gary Richardson da abokan aikinsa a Amurka sun ba maza 15 masu lafiya difenhaidiramin miligiram 50 sau biyu a rana har kwana huɗu, a wani zagayen kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. A rana ta farko maganin ya sa su jin barci ƙwarai. A rana ta huɗu, ba a iya bambance su da lokacin da suka sha ƙwayar banza ba. Kwana uku kacal ya ishi jiki ya saba.

Wani ɗan lissafi zai ƙara fito da maganar jabu fili. Jikin babban mutum yana ɗaukar kusan kwana ɗaya kafin ya fitar da rabin firiton ɗin da ya sha. Wanda ya sha miligiram 4 daren Litinin, daren Talata akwai sauran kamar 2 a jikinsa, ya ƙara 4 ya zama 6. Laraba ya kai 7, Alhamis wajen 7 da rabi. Wato a daren da maƙwabcina ya ce maganin ya mutu, abin da ke jikinsa ya kusa ninka na daren da ya yi barci mai daɗi.

Wannan tarin ba ya zama a banza. Magungunan nan suna toshe har da ƙofofin wani sinadarin, asetilkolin, wanda ke tafiyar da yawu da hanji da mafitsara, kuma yake da hannu a riƙe tunani. Daga nan bushewar baki da taurin bayan gida da wahalar fitsari suka samo asali, kuma suna ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara ƙwaya. Ga tsofaffi abin yakan kai ga ruɗewa da faɗuwa. Da dattijon ya ga likita, sai aka gano kumburin furostet ne ke tashinsa fitsari cikin dare tun farko, maganin kuwa ƙara tsananta matsalar yake yi.

Ga matasa, haɗarin yana kan hanya ne. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Iowa a shekarar 2000 da na'urar kwaikwayon tuƙi ya nuna difenhaidiramin miligiram 50 ya fi giya lalata tuƙi. Nauyin kai na washegari ya fi tsanani a kwanakin farko da kuma duk sadda aka ƙara yawan maganin. Direban tanka da zai tashi daga Hotoro da asuba, ko mai adaidaita sahu, ko ɗalibin da ke da jarrabawa da safe, ya kamata ya san da wannan.

Saboda haka, amfanin waɗannan magunguna wajen barci na dare ɗaya ne ko biyu, jefi-jefi. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2017, ta ba da shawarar kada a yi amfani da difenhaidiramin don rashin barci mai ɗorewa. Sauya firiton da fenagan ba mafita ba ce, domin ƙofa ɗaya suke toshewa. Alamar sabo a bayyane take: ƙwayar da ta yi aiki makon jiya ba ta yi yau, amma idan ba a sha ba barci ya ƙi zuwa sam. Wannan na biyun shi ke yaudarar mutane su ɗauka maganin ne ke taimakonsu, alhali ƙwaƙwalwar da ta saba da dannewa ce ke yin 'yan kwanaki kafin ta koma daidai. Wanda ya daɗe yana shan da yawa, gara ya rage sannu a hankali bisa shawarar likita ko masanin magunguna.

Idan rashin barci ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, to ya zama ciwon da ake bincike a kansa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kusa da mu, haka ma asibitocin gwamnatin jiha. Mai zuwa ya tafi da kwalin abin da yake sha, ya faɗi adadin ƙwayoyin da tsawon lokacin, ya kuma ambaci shayi ko kofi ko goron da yake ci da yamma, da minshari, da tashi fitsari, da damuwar da ke ransa. A cikin waɗannan ne galibi ake samun abin da ke hana barcin.