Cutar siliyak: a yi gwaji kafin a bar alkama

Siliyak cuta ce da garkuwar jiki ke far wa ƙaramin hanji duk lokacin da mutum ya ci gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir. Bangon hanjin yana da 'yan tsiro ƙanana masu tsotse amfanin abinci, kuma su ne ke lalacewa. Daga nan sai gudawa mai daɗewa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini da maganin ƙarin jini bai gyara ba, ko yaro ya ƙi girma. Wasu ma cikinsu lafiya lau, gajiya ce kawai. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100 yana da ita. Kuma ba ta Turawa ce kaɗai ba, domin binciken da aka wallafa a 1999 ya same ta a kusan kashi 5.6 cikin ɗari na yaran al'ummar Sahrawi ta Afirka da aka gwada.

A Kurmin Mashi, kamar sauran unguwannin Kaduna, alkama ta shige ko'ina. Da safe burodi wajen mai shayi, da rana taliya ko indomi, da dare tuwon semo. Ga gurasa, alkaki, fanke, cincin da dubulan. Ɗanwake ma gidaje da yawa da fulawa ake kwaɓa shi, lemon kwalba na malt kuwa daga sha'ir yake. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya da wake ba su da gulutin, sai dai idan an kai su injin da ya gama niƙa alkama.

Abin damuwar shi ne shawarar da ke yawo a wayoyi: wai duk mai ciwon ciki ya bar fulawa ya gani. Masu yaɗa ta da kyakkyawar niyya suke yi, amma tana ɓata gwajin da zai nuna gaskiya. Gwajin jini na farko, wanda ake rubutawa tTG-IgA a takardar asibiti, ba gulutin yake nema ba. Yana auna sinadaran yaƙi ne da jiki ke fitarwa saboda ana cin gulutin. Idan aka daina ci, sai su ragu cikin makonni ko watanni, hanjin kuma ya fara warkewa. Sakamako ya fito babu komai, alhali cutar tana nan.

A ɗauki misalin matar da ta daɗe tana fama da gudawa da ƙarancin jini, ta bar burodi da taliya wata huɗu, ta ji sauƙi, sannan ta je asibiti. Jininta zai iya nuna lafiya. Sau da yawa likita ba shi da mafita sai ya ce ta koma cin alkama a abinci fiye da sau ɗaya kullum, har kimanin mako 6, kafin a sake ɗibar jini. Ciwon da ta gudu shi za ta koma wa da gangan, ta kuma biya kuɗin gwaji sau biyu. Da tun farko ta je tana kan abincinta, da an auna tTG-IgA tare da jimillar IgA, domin wasu jikinsu ba ya samar da IgA sosai, kuma hakan ma kan ɓoye cutar. Idan gwajin ya nuna alama, sai a zura na'urar hango ciki ta baki a ɗan yanko samfurin hanji a duba. Har zuwa ranar ba a daina cin alkama.

Wani zai ce tunda ta ji sauƙi, ina ruwanta da gwaji a wannan tsadar? Uzurin kuɗi gaskiya ne, babu mai musu. Amma jin sauƙi ba hujja ba ce. Alkama tana kumbura wa mutane da yawa ciki ba tare da siliyak ba, kuma a nan tsutsar ciki, ƙwayoyin gurɓataccen ruwa da tarin fuka na hanji duk suna kawo irin waɗannan alamu, kowanne da maganinsa daban. Wanda ya ɗora laifi kan burodi yana iya barin ainihin ciwonsa yana cinsa. Mai siliyak na gaske kuma rage fulawa ba ya isar masa. Dole ya bar gulutin gaba ɗaya muddin ransa, har da ɗan ɓurɓushin da ke cikin man da aka soya fanke. Babu mai jure wannan a gidan biki da gidan suna bisa zato kawai. Ga kuma 'ya'ya da 'yan'uwa na jini, waɗanda kusan 1 cikin 10 ke ɗauke da ita, kuma tabbacin mutum ɗaya ne ke sa a duba su.

Mai irin waɗannan alamu ya ci gaba da abincinsa yadda ya saba, ya ga likita a babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya ambaci siliyak da bakinsa. Wanda kuma ya riga ya bar alkama, ya faɗa wa likita tun yaushe kafin a ɗebi jininsa.