Shekara Nawa Sola Za Ta Biya Kanta? Lissafin Wani Mai Kantin Magani a Haɗeja

Da aka sayar da shinkafar da ya noma a fadamar kogin Haɗeja, wani mai kantin magani ya tashi da naira miliyan 4 a hannu. Mai haɗa sola ya ce kuɗin sun isa a saka masa farantai da inbata da batura, kuma cikin shekara biyu da rabi za su dawo. Kuɗin nan su ne jarin noman rani mai zuwa, don haka kafin ya amsa sai ya kwashi rasitan wuta da littafin da yaron kanti ke rubuta sayen fetur, ya kai wa ƙanwarsa, ma'aikaciyar banki.

Abu na farko da ta yi shi ne ta ƙi tara kuɗin fetur yadda aka rubuta su. "Yaya, litoci za mu ƙirga," in ji ta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi bai zauna wuri guda ba, saboda haka nairar bara ba ta nuna abin da za a kashe baɗi. Ta kuma nemi na wata goma sha biyu cif, domin janareta ya fi shan mai a zafin Afrilu fiye da lokacin hunturu. Suka samu lita 1,200, wato naira 1,200,000 idan aka sa lita a kan 1,000. Katin wuta ya ci 300,000, baƙin mai da gyaran janareta 100,000. Jimla 1,600,000 a shekara. Idan aka raba miliyan 4 da wannan, shekara biyu da rabi ke fitowa, kuma a nan lissafin mai haɗa sola ya tsaya.

Kuskuren shi ne ɗauka cewa duk kuɗin za su tsira. A watan Agusta hadari kan rufe rana kwanaki a jere, a hunturu ƙura kan lulluɓe farantai, firjin magani kuwa ba ya jiran gari ya waye. Sai suka bar wa janareta kashi ɗaya cikin biyar na aikinsa, wanda ke nufin lita 960 ce za a daina saya, kuɗinta 960,000. Suka ƙiyasta katin wuta zai ragu da rabi, a tsira da 150,000, gyara kuma ya ragu da 60,000. Abin da zai rage a aljihu ke nan 1,170,000 a shekara, kuma lokacin ya koma kusan shekara uku da wata biyar.

Saura batura. Cikin miliyan 4 ɗin, 1,200,000 kuɗin batura masu ruwa ne, irin waɗanda zafi ke rage wa kwana. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, ba a yi musu dogon zato, don haka ta ba su shekara uku. Tun da za a sake su kafin jarin farko ya gama dawowa, dole kuɗinsu ya shiga lissafi. Abin da za a maido ya zama 5,200,000, wanda in aka raba da 1,170,000 yake ba da shekara huɗu da kusan wata biyar.

Daga nan ta gwada abin da bai yi tsammani ba, wato saukar farashin fetur. Idan lita ta koma 800, abin da ake tsira da shi zai sauko zuwa 978,000, lokacin ya kai shekara biyar da kusan wata huɗu. Har yanzu yana gaban sauyin batura na biyu, wanda zai zo a shekara ta shida. Da ya zarce nan, da wasu 1,200,000 sun sake hawa, lissafin ya yi ta gudu ana bin sa.

Ta ja masa kunne kan abu biyu. Idan ya ga wuta ta samu ya ƙaro firiza, to wannan sabon nauyi ne da zai gajiyar da batura, ba ragi ba. Kuma garin da ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba a ajiye batura da inbata a ƙasa, domin ruwan dare ɗaya ya isa ya shafe lissafin duka.

Bai saka miliyan 4 ɗin gaba ɗaya ba. Da suka duba littafin, sun ga yawancin fetur da rana ake ƙona shi, lokacin da farantai ke aiki ba tare da dogaro da batura ba. Ya nemi a rage batura zuwa abin da zai riƙe firji da fitilu da dare, ragowar kuɗin ya koma fadama. Yaron kanti kuma aka ce ya ci gaba da rubuta litoci kamar da. Idan bayan shekara guda sun wuce 240 da nisa, to a ranar za a sake zama da littafin.