Raha ba gishiri ba ce da ake barbaɗawa

Mu da muke riƙe wa manya alƙalami a zango, aikinmu shi ne mu ɗauko maganar zaure mu mayar da ita takarda, kuma a nan ne raha ta fi mutuwa. Wasu masu gyaran rubutu mudunsu ɗaya ne: kowane sakin layi a liƙa masa karin magana, kowace wasiƙa a buɗe ta da tsokanar Bafillace da Babarbare. Mai karatu yakan hango wasan tun daga nesa, abin da aka hango kuwa ba ya ba da dariya.

Wasan barkwanci yana da masu shi. Bakano da Bazazzage, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka: dangantakar ce take halatta tsokanar. Ita ce al'adar da UNESCO ta sanya a jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Takarda kuwa ba ta zaɓen hannu, takan faɗa ga wanda ba a wasa da shi, sai raha ta koma zagi.

A ce maigida Bazazzage ne, ana taron kuɗin katangar maƙabarta, Kanawan unguwa ba su kawo ko sisi ba. Sai ya dube su ya ce, "Madalla da Kanawa, sun riga kowa!" Zaure ya ɗauki dariya, domin kowa ya san gaskiya, ya ji yadda ya ja murya, ya ga murmushinsa. Gatse ke nan. In aka kwafe shi haka a takarda, muryar da murmushin sun tsaya a zaure. Wanda bai halarta ba zai ɗauka yabo ne, ya tambayi ma'aji inda kuɗin Kanawa suka shiga. Raha ta jawo wa mai amana zargi.

Saboda haka sai a duba wa zai karanta. A sanarwar da za a karanta wa jama'a, mukan cire gatsen, mu rubuta abin da aka tara da abin da ya rage. A wasiƙar da za a kai wa shugaban Kanawa, mukan fara da gaskiyar: har yau ba a ga nasu ba. Sannan tsokanar ta biyo, cewa Zagezagi sun shimfiɗa tabarma suna jiran masu sauri. Da yake gaskiya ta riga ta zauna, ba zai ɗauki wasan a baibai ba.

Gwajinmu mai sauƙi ne. Mukan ba wanda bai je taron ba ya karanta a fili, mu tambaye shi abin da ya fahimta. In sai an yi masa bayani kafin ya murmusa, mukan goge layin. A takardar ta'aziyya, da ta rabon gado, da ta bashin da ke kan mutum ɗaya, ba ma saka raha ko kaɗan.