Littafi ya ce an ci riba, akwati ya ce babu ko dala



Akwai wata magana da muke yawan ji a majalisar masu shaguna, mu ma kanmu muna faɗarta: "Wallahi ana ciniki, amma kuɗin ne ba su zama." Daga nan sai a fara zargi. Wani ya ce yaron shago ne ke ɗan hali, wani ya ce baki ne, wani ya ce kuɗin zamani ne ba albarka. Ba mu ce sata ba ta faruwa ba. Amma sau da yawa ba wanda ya ɗauki ko dala. Abin da ke faruwa shi ne muna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: riba daban, tsabar kuɗin da ke hannu daban.

Riba ita ce abin da ya hau bisa uwar kuɗi bayan an sayar da kaya, an cire kuɗin sari da ɗawainiyar shago. Ana lissafa ta tun ranar da kaya suka bar kanta, ko an biya ko ba a biya ba. Tsaba kuwa sai ranar da kuɗin suka shigo hannu. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ne shaguna da yawa ke mutuwa.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi tiryan-tiryan. A ce shago ne na kayan masarufi: shinkafa, taliya, sukari, mai, sabulu. Lissafin da jika za mu yi, kowace jika sefa 1000.

Ranar 1 ga wata akwai jika 200 cikin akwati. A cikin watan an sayar da kaya na jika 1000, wato miliyan ɗaya. Su waɗannan kayan jika 880 aka saro su, ke nan abin da ya hau jika 120 ne. Haya da wuta da haƙƙin yaron shago da kuɗin mota da dako sun ci jika 40. Ribar wata ta tsaya jika 80. Wannan gaskiya ce, ba ƙarya a ciki, kuma duk wanda ya gani zai ce shago na tafiya.

To yanzu mu buɗe akwati. Cikin miliyan ɗayan nan, jika 250 bashi aka ɗauka, suna rubuce a littafi. Abin da aka karɓa hannu jika 750 ne. Masu tsohon bashi sun kawo jika 100. Jimillar abin da ya shigo 850, a haɗa da 200 na farkon wata, 1050 ke nan.

Me ya fita? An je Maraɗi sari sau da dama, an kashe jika 950. Jika 880 don maye gurbin abin da aka sayar, jika 70 kuma ƙarin sukari da mai saboda azumi na tafe. Ɗawainiyar shago 40. Cefanen gida, jika 2 kullum, ya tashi 60. A haɗa: 1050 cif.

Ƙarshen wata akwati wayam. An ci ribar 80, amma har 200 ɗin da aka fara da su sun ɓace. Ina suka shiga? Jika 150 suna aljihun mutane, don an ba da sabon bashi na 250, an karɓo 100 kawai. Jika 70 suna kan kanta sun zama sukari da mai. Jika 60 an ci su tuwo. Duka 280. A cire ribar 80, saura 200, daidai abin da ya ragu a akwati. Ba ɓarawo, ba aljani.

Mai wannan shago ba talaka ba ne. In aka ƙirga kayansa da bashin da yake bi, dukiyarsa ta ƙaru da jika 20, wato ribar 80 bayan cefanen 60. Amma in gobe mai gidan haya ya zo, ko masu karɓar patanti, ko dila a Maraɗi ya kira ya ce yau yake son kuɗinsa, ba za a miƙa masa littafin bashi ba. Kuma ranar da dila ya daina ba ka kaya, kanta ta fara ramewa. Masu saye da kuɗi hannu su zo ba su samu abin da suke so ba, su wuce shagon gaba. Masu bashi su ne ba sa gudu.

Abu na biyu da ya kamata mu lura da shi, kwanaki ne. Buhun shinkafa da ka saro yau zai iya yin kwana 20 a shago kafin a saya. Wani ma'aikaci ya ɗauka sai ƙarshen wata, kwana 30 ke nan, in albashi bai yi latti ba. Kuɗinka sun yi kwana 50 a waje. Dila kuwa mako ɗaya ya ɗaga maka. Kwana 43 da ke tsakani, da aljihunka kake riƙe da buhun. Shi ya sa wani abin mamaki ke faruwa: shagon da cinikinsa ke ƙaruwa ya fi saurin shiga matsi. Ciniki ya ninka, kayan da za ka jibge sun ninka, bashin da za a ɗauka ya ninka, duka yanzu. Riba kuwa sannu take tahowa a baya.

A nan ne ma ake gane cewa yawan riba a kan kaya ba shi ne komai ba. Ka sa jika 100 a turamen atamfa, su ba ka ribar jika 25, amma sai sun yi wata uku kafin su ƙare. Ka sa jika 100 a sukari, ribar jika 4 kacal, amma duk mako ya ƙare ka sake sarowa. A wata ukun nan sukari ya juya sau 12, ya kawo 48, kuma kowane mako kuɗinka na dawowa hannu. Atamfar ba laifi ba ce, amma da kuɗin da ba ka bukata da gaggawa ake sayenta.

Mu a nan, shekara ma tana da nata lissafin. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbuna sun yi ƙasa, manomi na gona, ba shi da abin sayarwa. Lokacin ne littafin bashi ke cika, kuma ba yadda za ka hana maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a masallaci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai kaka, wajen Oktoba, ake biya. Wasu kuma ba kuɗi za su kawo ba, tiyoyin hatsi ko wake za su auno maka. In ka sayar nan take, lokacin ne farashi ya fi faɗuwa. In ka ajiye zuwa bazara za ka iya cin riba mai kyau, amma wata biyar ko shida kuɗin na kulle a buhu. Wannan matsalar ce ta sa aka kawo tsarin warantaj a ƙasar nan: manoma su ajiye amfaninsu a sito mai kwaɗo biyu, asusun ba da rance ya ba su wani kaso na darajarsa, sai farashi ya tashi su sayar su biya. Hatsin bai canza ba, tsaba kawai aka samo musu kafin lokaci.

Sai kuma tashin farashi, wanda ba mu manta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar Sedeyawo ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa ta tsaya a hukumance har zuwa Maris 2024. Kaya suka yi ta hawa. A irin wannan lokaci, a ce ka saro buhu jika 20, ka sayar 23, ka ji daɗi ka ci 3. Ka koma sari ka tarar ya zama 25. Buhu 10 da ka sayar sun ba ka 230, waɗanda buhu 9 kawai za su saya, da ɗan canji. Littafi ya rubuta ribar 30, kanta kuwa ta rasa buhu guda. Idan kasuwa na hawa, da farashin da za ka saro gobe ake yanka farashi, ba da na jiya ba.

Akwai kuma akasin wannan, wanda ya fi haɗari don ba ya ciwo da wuri. Akwati cike, amma ana faɗuwa. Ka kwashi adashi, ko ka karɓo rance, ko wani ɗan ci-rani ya ba ka ajiya, ko dila ya ba ka kaya bai karɓi kuɗi ba tukuna. Kuɗi ne a hannu, amma ba naka ba ne. Haka wanda ke sayarwa bai mayar da kaya ba: aljihunsa na kumbura, kantarsa na bushewa, uwar kuɗi yake ci yana tsammanin riba ce.

To ta yaya mutum zai san inda yake? Ba sai an yi lakwal mai zurfi ba. Ranar ƙarshen kowane wata a rubuta lambobi huɗu: tsabar da ke hannu, darajar kayan da ke shago bisa farashin sari, bashin da ake binka, da wanda kake bi. Haɗa tsaba da kaya da bashin da kake bi, ka cire wanda ake binka. In jimillar ta fi ta watan jiya, shago na gaba. Sannan ka dubi tsabar ita kaɗai. In jimilla na hawa amma tsaba na sauka wata biyu a jere, dubi kanta da littafi, can kuɗin suke kwance. A littafin kuma ka ware duk bashin da ya wuce wata uku ba a taɓa shi ba, kada ka ƙirga shi cikin dukiyarka sai ranar da ya shigo. Kayan da suka yi kwantai, karyar da su ko a uwar kuɗinsu ya fi barinsu suna shan ƙura.

Abu biyu kuma sun fi sauƙin gyara tun daga gobe. Na farko, mai shago ya yanka wa kansa abin cefane ƙayyadadde, wanda bai kai ribar wata ba, ya daina sa hannu a akwati duk lokacin da aka aiko daga gida. Na biyu, a sa wa littafin bashi iyaka gaba ɗaya, ba ta mutum ɗaya-ɗaya kaɗai ba. A shagon misalinmu, da an tsaya a kan cewa sabon bashi ba zai wuce abin da aka karɓo na tsoho ba, da jika 150 na nan a akwati ranar 30 ga wata.

Ku da kuka daɗe a kasuwa, musamman iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida da masu sayen kifi a bakin tafki, muna son jin yadda kuke riƙe bashin damina ba tare da kun ɓata da maƙwabta ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya rufa mana asiri.