Juma'a Mai Zuwa: Ta Jibi Ko Ta Sama?

'Yan uwa, ga wata tambaya da nake so ku amsa a zuci kafin ku ci gaba da karatu. Yau Laraba ce, biyar ga wata, sai wani ya ce muku, "Sai mun haɗu Juma'a mai zuwa." Wace rana za ku shirya? Ta jibi, bakwai ga wata, ko ta makon gobe, sha huɗu ga wata? Idan kun amsa, ku juya ku tambayi maigida ko uwargida, ku tambayi Hajiya, ku tambayi ɗiyarku da ke sakandare. Da wuya bakinku ya zo ɗaya, alhali dukanku da Hausa aka yi muku tashin farko.

Aikin jinya nake yi, kuma rabin aikinmu a ɗakin awo sa rana ne: ranar dawowa awo, ranar cire zare, ranar allurar jariri. Wannan ya sa na daɗe ina sauraron yadda mutane ke fahimtar waɗannan kalmomi, kuma na lura ra'ayi biyu ne ke karo da juna. Wasu na cewa magana a fili take, Juma'ar da za ta fara iske mu ita ce mai zuwa, ko da gobe ce. Wasu kuwa na cewa a'a, ta cikin makon da muke ciki ita ce "Juma'ar nan", mai zuwa kuwa sai an shiga sabon mako. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowanne yana mamakin yadda ɗayan bai ga abin da yake gani ba.

Abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne mutum ɗaya ma ba ya tsayawa a kan ra'ayi ɗaya duk mako. Dalilin yana cikin harshenmu. Bahaushe ya raɗa wa kwanaki huɗu na gaba suna: gobe, jibi, gata, citta. Saboda haka idan rana ta matso, kunne na jiran ya ji ɗaya daga cikin waɗannan. Idan aka ce "Juma'a mai zuwa" ran Litinin, yawancin mutane za su ɗauki ta wannan makon, domin da sauran tazara, kuma ba kowa ke amfani da "citta" ba yanzu. Idan aka faɗa ran Alhamis, da yawa za su tsallaka zuwa makon gobe, su ce ai da ta gobe ake nufi, da "gobe" za a ce. Laraba ce ke tsakiya, kuma a nan ne aka fi rabuwa. Mai magana yana nufin jibi, mai sauraro yana cewa a ransa, "Tunda bai ce jibi ba, ba jibi ba ce."

Litinin kuwa tata matsalar daban ce. Idan aka ce "Litinin mai zuwa" a tsakiyar mako, kusan kowa ya yarda ta farkon da za ta zo ce, tunda ta wannan makon ta riga ta wuce. Rikicin yana tasowa ne ran Asabar ko Lahadi. Sunayen ranakunmu daga Larabci suka zo, Lahadi na nufin ta ɗaya, Litinin ta biyu, har zuwa Alhamis ta biyar, don haka ga mai bin wannan lissafi, ran Lahadi an riga an shiga sabon mako, Litinin ɗin gobe ta "wannan makon" ce. Ma'aikacin ofis da ɗan makaranta kuwa makonsu daga Litinin yake farawa, Litinin ɗin gobe ita ce ta "mako mai zuwa". Ga shi ana zaune a tabarma ɗaya, amma kowa da inda makonsa ya soma.

A harkar biki ko ziyara, abin ba ya wuce a ji kunya a yi dariya. A asibiti kuwa kwana bakwai ba wasa ba ne, kuma ga misalin da na gani da idona. Wata yarinya mai cikin fari, wata takwas, ta zo awo ran Laraba. Aka gwada jininta aka samu 150 bisa 95. Ga mai ciki, daga 140 bisa 90 zuwa sama hawan jini ne da ake sa wa ido. Aka gwada fitsarinta ba a ga komai ba, ba ta da ciwon kai, jariri yana motsi lafiya. Likita ya rubuta mata magani, ya ce a sake dubata bayan kwana biyu, domin irin wannan hawan jinin yakan rikiɗe cikin 'yan kwanaki. Wadda ta sallame ta a bakin ƙofa ta ce mata, "Ki dawo Juma'a mai zuwa." An rubuta kwanan wata a katinta, amma da irin rubutun nan namu na gaggawa, ita kuma karatun allo ta yi.

Da ta koma gida sai aka zauna shawara, domin zuwa asibiti daga ƙauyensu kuɗin mota ne da yinin mutum biyu. Uwar mijinta, wadda ba ta nufe ta da komai ba sai alheri, ta ce, "Ke 'yar nan, da jibi suke nufi ai da jibi za su ce miki. Ki bari sai ta sama." Maganar ta shiga hankalin kowa. Kwana tara bayan awon aka kawo ta, fuska da hannuwa sun kumbura, kai na sara mata, tana gani dishi-dishi. Jininta ya kai 170 bisa 110, gwajin fitsari kuma ya nuna abin da ake tsoro. Waɗannan su ne alamun da ke gabatar jijjigar masu ciki. Aka kwantar da ita nan take, Allah ya kiyaye, ita da jaririnta suka fita lafiya. Ba ta ƙi bin umarni ba, ba ta kuma yi sakaci ba. Ta zo daidai ranar da ita da mutanen gidansu suka fahimta.

Kuskuren yakan faɗa ta ɗaya ɓangaren ma, wato a zo da wuri. Alluran rigakafin da ake yi wa jariri a mako shida, goma da sha huɗu suna bukatar tazarar aƙalla mako huɗu tsakanin ɗaya da ta gaba. A ce uwa ta kawo ɗanta ran Laraba saboda mura, ta tambayi ranar allura ta gaba, aka duba kati aka ga sauran kwana tara, aka ce mata "Juma'a mai zuwa." Idan ta dawo jibi, mako uku kacal ke nan da allurar baya, dole a ce ta koma. Ta kashe kuɗin mota, ta bar girki da sana'a, ta yi zaman layi da goyo. Irin wannan uwar ce za ka ji daga baya ta ce ita ta gaji da wahalar asibiti, kuma wani lokaci ba a sake ganinta.

Akwai kuma wani tarkon da ya kamata ku sani, shi ne dare. A lissafinmu na gargajiya da na Musulunci, dare ne ke gabatar yini. Daren Juma'a shi ne wanda ke farawa da magaribar Alhamis. Idan za a yi wa dattijuwa aiki ran Talata da safe, yarinyar nas ta ce mata, "Daren Litinin kada ki ci komai daga sha biyun dare," tana iya ɗaukar daren da ya biyo bayan yinin Lahadi. Ta yi haƙurin yunwa a daren da ba a bukata, ta karya kumallo a safiyar aiki, a ɗage aikin. A nan abin da ya fi shi ne a ce "ran Litinin da daddare, wayewar Talata."

Maganin duk wannan yana cikin Hausar kanta, domin kakanninmu ba su bar mu hannu rabbana ba. Idan ranar tana kusa, a kira ta da sunanta na kusa: "jibi Juma'a", "gata Asabar". Idan ta gaba ce, a fito da duka biyun: "ba wannan Juma'ar ta jibi ba, ta sama." Idan mako guda ne cif, a ce "rana i ta yau." Ni dai a wurin aiki abu uku nake haɗawa duk lokacin da zan sa wa mace rana: sunan ranar, yawan kwanakin da za ta yi kafin ta zo, da kwanan wata. Nakan ce, "Mama, jibi Juma'a za ki dawo. Ki kwana biyu, yau da gobe, wayewar gari ki taho. Bakwai ga watan Bature ke nan." Ina faɗin wane wata ne saboda iyayenmu da yawa da watan Musulunci suke ƙirga, "bakwai ga wata" tsura kuma wata sabuwar ƙofar ruɗani ce. Daga nan sai in ce, "To Mama, yaushe ke nan za ki gaya wa maigida za ki dawo?" Idan ta maimaita da bakinta, nan take ake gane ko an fahimci juna. "To" da gyaɗa kai ba shaida ba ne, domin kunya kan sa mace ta amsa abin da ba ta gane ba.

Ku kuma da ake sa wa rana, kada nauyin farin kaya ya hana ku tambaya. Kalma biyar ce kawai: "Ta jibi ko ta sama?" Kafin ku bar harabar asibiti, ku sa a karanta muku abin da aka rubuta a kati, ku duba kalandar waya, ko ku ba wani yaro ɗan makaranta ya duba muku. Idan kun isa gida aka shiga gardama a kan ranar, kuma maganar ta hawan jini ce ga mai ciki, ko ciwon da aka ɗinke, ko jariri marar lafiya, ku ɗauki ta kusa. Asarar kuɗin mota ta fi sauƙin ɗauka. Mai cikin da ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuska ta kumbura, ko ta ga jini, ita ba ta da wata Juma'ar jira, ranar da ta ga alamar ita ce ranar zuwanta.

Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Gaskiya ne, amma sai idan mai sa ranar da wadda aka sa wa rana ɗaya suke nufi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a.